Jabun Sikirin da Batir: Duba Gefe Kafin Ka Duba Tambari

Wayar da ta faɗi ta tsage, ko wadda batirinta ya fara mutuwa tun kafin azahar, ƙarshenta teburin mai gyara ne. A Kano za a nufi Farm Centre ko titin Beirut, a Legas kuma Computer Village da ke Ikeja. Mafi yawan kayan gyaran da ke jere cikin akwatunan gilashin waɗannan kasuwanni daga ƙasar Sin suka taso, musamman birnin Shenzhen, inda babbar kasuwar Huaqiangbei take. Mai waya yakan yi tambaya ɗaya tak: "Orijinal ne?" Mai gyara ya ce, "Orijinal ne, Alhaji," ya nuna masa tambarin kamfani a jikin kwali ko a bayan batir. Daga nan sai ciniki.

Tambarin nan kuwa shi ne abu mafi arha a jikin kayan gaba ɗaya. Masana'antar da ta iya ƙera sikirin ba za ta gagara buga suna a kansa ba. Inda kuɗi yake shi ne irin allon da aka sa a ƙarƙashin gilashi, da yawan sinadarin da aka cusa a cikin batir, kuma a nan ne mai jabu yake rage hannu domin ribarsa ta fito. Ragin nan yana barin alama a kauri, da faɗin baƙin gefe, da nauyi, abubuwan da tawada ba ta iya rufewa. Saboda haka rubutun da ke jikin kaya yana iya kama jabu idan an yi kuskure a ciki, amma kyawun rubutu kaɗai ba ya wanke kowane kaya.

Kafin a je ga dubawa, ya kamata a san cewa kasuwar ba ta rabu gida biyu ba, orijinal da jabu. Akwai sabon sikirin na kamfani da ke zuwa cikin kwalinsa, wanda masu gyara ke kira sabis-fak. Akwai folo-kam, wato na asali da aka ciro daga jikin wata wayar da ta mutu. Akwai wanda allonsa na asali ne amma gilashin samansa ya fashe, aka yanke shi aka manna sabo. Sannan akwai kwafi, shi ma hawa-hawa. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da sayar da shi ya zama zamba, kuma masu gyara da yawa sukan faɗa maka tun farko: ga mai tsada, ga mai sauƙi, ka zaɓa. Wanda ke riƙe da tsohuwar waya, yana son ta ƙara masa wata shida kafin ya sauya, yana da hujjar sayen kwafi. Cutar tana shigowa ne lokacin da aka karɓi kuɗin hawan sama aka ɗaura na ƙasa, kuma tazarar farashin takan kai ninki biyu, uku, ko fiye.

Abin da gefe ke faɗa

Mu ɗauki waya guda mu bi ta daki-daki. Samsung Galaxy A51 ta fito a ƙarshen 2019, ta kuma yaɗu sosai a hannun mutane, sabuwa da ta hannu. Sikirinta inci 6.5 ne, irin OLED, mai ɗigo 1080 a faɗi da 2400 a tsawo. Kyamarar gaba tana cikin ɗan rami a tsakiyar sama, kuma na'urar karanta zanen yatsa tana ƙarƙashin allon ne, ba a baya ko a gefe ba. A ce wani malamin makaranta ya kawo irinta, gilashi ya tsage, batir ma ya gaji, ya ce a sa masa orijinal na duka biyun.

Abu na farko da zai taimake shi shi ne sanin bambancin allo iri biyu. A OLED kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, idan ana son baƙi sai ɗigon ya mutu ɗungurungum. LCD kuwa ba ta da hasken kanta, fitila ce shimfiɗe a bayanta, allon yana tare hasken ko ya bar shi ya wuce, kamar fitilar da aka kunna a bayan labule: komai kaurin labulen, sai haske ya ɗan ratsa, ya kuma leƙo ta gefe. Kwafi mafi arha da ake ɗaura wa A51 shi ne wanda ake kira insel, kuma LCD ce. Tun da sai an ƙara mata fitila da shimfiɗun da ke baza haske, dole ta fi ta asali kauri, kuma wannan kaurin ba shi da wurin ɓuya a cikin jikin da aka auna wa siririn allo.

Don haka malamin zai roƙi mai gyara abu ɗaya: "Don Allah, injiniya, kafin ka sa gam, jona shi mu gani tare." Wannan ba zargi ba ne, domin mai gyara mai hankali dama yakan gwada sikirin kafin ya manna, saboda dila ba ya karɓar wanda aka riga aka shafa wa gam ko aka ɓare ledarsa. Idan an jona, sai a buɗe wurin buga lamba a danna wannan:

```
*#0*#
```

A wayoyin Samsung wannan yana buɗe shafin gwaji mai maɓallai irin su RED, GREEN, BLUE, TOUCH da BLACK. A danna BLACK, a rufe wayar da tafin hannu ko a sa ta ƙarƙashin tebur inda babu haske. Idan OLED ce, za ta yi kamar an kashe ta. Idan insel ce, za a ga toka-toka mai ɗan sheƙi, da haske yana tsiyaya ta kusurwoyi da ƙasan allo. Wannan gwajin ba ya ɗaukar minti ɗaya, kuma babu dabarar da mai jabu zai yi ya tsallake shi.

Sai a buɗe farin shafi a dubi baƙin layin da ya kewaye hoton. A wayar asali layin hagu da na dama daidai suke, na ƙasa ya ɗan fi su faɗi kaɗan. A kwafi na ƙasan nan, wanda ake kira haɓa, yakan yi faɗi a fili, domin a nan ake cusa ƙaramin cif ɗin da ke tuƙa allon tare da wayoyinsa, kuma allo mai arha yana bukatar fili fiye da mai tsada. Ramin kyamara ma yakan fi na asali girma, da inuwa mai duhu kewaye da shi, wani lokaci ma kyamarar ba ta zauna a tsakiyarsa ba. Kusurwoyi huɗu su ma suna magana: lanƙwasar hoton ya kamata ta bi lanƙwasar jikin waya, amma a kwafi sai ka ga an ɗan gutsure agogo ko alamar batir da ke can sama, ko lanƙwasar ta yi ƙwarya-ƙwaryar kusurwa. Idan da wata A51 a kusa, a ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Ido ba ya riƙe awo a ƙwaƙwalwa, amma yana kama bambancin rabin milimita idan abu biyu suna jere.

Akwai kwafin da ya fi insel wayo, wato OLED ta gaskiya amma ba ta kamfanin ba. Ita za ta ci gwajin baƙi. Inda ake kama ta shi ne gefen nan dai, domin sau da yawa ƙaramin allo ne aka ɗauko aka manna a ƙarƙashin gilashi mai girman A51, aka cike ratar da baƙin fenti. Hoton yana da kyau, amma ya tsuke, baƙin da ke kewaye da shi ya yi kauri ta kowane ɓangare.

Zanen yatsa shi ne shaida ta biyu a wannan wayar. Na'urar A51 ƙaramar kyamara ce da ke leƙen yatsa ta cikin allon, kuma OLED tana barin haske ya ratsa ta. Fitilar bayan insel kuwa tana toshe hanyar. Saboda haka idan aka sauya sikirin sai zanen yatsa ya daina aiki kwata-kwata, aka kuma ce maka "sofwaya ce, za ta dawo," ka sake duba baƙin allon. Gaskiya ne ko sikirin asali aka sa, wani lokaci sai an sake saita na'urar kafin ta karanta yatsa da kyau, don haka wannan alamar ba ta tsayawa ita kaɗai. Amma idan ta haɗu da baƙi mai toka-toka, magana ta ƙare.

Bayan an manna, a bi gefen wayar da farce. Gilashin asali yana zama daidai da firam. Insel kan ɗago kaɗan sama da firam, har farce ya maƙale, kuma irin wannan sikirin ne ke fashewa a faɗuwar farko, tun da gefensa a waje yake babu abin da ya tare masa.

A iPhone dalilin faɗin haɓa ya ɗan bambanta, kuma yana da daɗin sani. Tun daga iPhone X ta 2017, allon OLED ɗin Apple a kan leda mai lanƙwasuwa aka gina shi, sai aka naɗe ƙasansa zuwa baya, cif ɗin ya koma ƙarƙashi. Shi ya sa baƙin gefenta yake daidai ta ko'ina. Kwafin da ake kira OLED mai tauri a kan gilashi aka gina shi, gilashi kuwa ba ya naɗuwa, dole haɓa ta yi faɗi. OLED mai laushi ta fi kusa da ta asali a siffa, ta kuma fi tsada. Sai dai a lura: iPhone XR da iPhone 11 dama LCD suke da ita tun daga kamfani, don haka gwajin baƙi ba ya aiki a kansu. Na sha ganin an ɗaga murya a kan mai gyara saboda baƙin iPhone 11 yana da toka-toka, alhali haka aka ƙera ta.

Rubutun jikin fuleks

Fuleks shi ne siririn ribon nan mai launin ruwan ƙasa ko baƙi da ke fitowa daga bayan sikirin ya maƙale a jikin injin waya. Da zarar an rufe waya ba ka sake ganinsa, don haka lokacin dubawa shi ne kafin a ɗaura. A ciro tsohon sikirin, a kifa shi kusa da sabon, a haska tocila.

A allon da Samsung ta ƙera, akan sami lamba mai farawa da AMS ko AMB, sai lambobi uku da ke nuna girman allon: 646, misali, na nufin inci 6.46. Ga wayar da aka sayar a matsayin mai inci 6.5, lambar sabon ya kamata ta zo daidai da ta tsohon. Kwalin sabis-fak kuma yana ɗauke da lambar kaya mai farawa da GH82, GH96 ko GH97, kuma a waya irin A51 sikirin yakan zo a ɗaure da firam ɗinsa, harafin ƙarshen lambar yana nuna launin firam ɗin. Kwali dai kwali ne, ana iya samun tsohon kwali a sa wani abu a ciki, don haka abin da ke ciki ake duba. A fuleks ɗin Apple kuwa lambar tana farawa da 821, sai wasu lambobi da harafi, tare da ɗan tambarin tufa.

Abin da ido zai nema ba wai ko akwai rubutu ba, a'a, yadda aka yi shi. Rubutun kamfani siriri ne, tsaf, a mazauninsa ɗaya a kowane sikirin. Na kwaikwayo yakan yi kauri, gefen haruffa ya ɗan jiƙe, wani lokaci ya karkace, ko ya zauna a wurin da ba nan na tsohon yake ba. Akwai kuma ɗan murabba'in ɗige-ɗige da inji ke karantawa. A kayan kamfani kowane sikirin da nasa. Idan mai shago ya fito da guda uku daga kwali ɗaya, ka ga lambar da ke gefen murabba'in iri ɗaya ce a dukkansu, to hoton guda aka yi ta bugawa.

Fiye da rubutu ma, a dubi surar ribon ɗin kansa: tsawonsa, inda ya lanƙwasa, yawan ƙananan ƙwayoyin da aka jera a kansa, da girman cif. Kwafi yana amfani da wani cif dabam, don haka tsarin hanyoyinsa ba ya zama ɗaya da na asali ko da an buga lambar asali a kai. A dubi bakin da ke shiga soket ma. Idan an ce maka sabo ne, amma haƙoransa masu launin zinariya suna da ƙarce, an taɓa jona shi a wata wayar. Wannan folo-kam ne ko gyararre, mai yiwuwa yana da kyau, amma ba kuɗin sabo ya kamata a biya ba.

Wani abin da mutane ke fahimta a baibai shi ne haruffa irin su GX, JK, ZY ko RJ da ake gani a bayan sikirin iPhone. Waɗannan sunayen masu ƙera kwafi ne da suka sa sunansu a kan kayansu. A ganina irin wannan sikirin ya fi mai tambarin tufa na ƙarya mutunci, domin bai ɓoye asalinsa ba, kuma mai gyara ya san wanne ne ke daɗewa a cikinsu. Laifin yana kan wanda ya ɗaura shi ya ce na Apple ne.

Akan kuma ci karo da akasin haka, wato fuleks mai ɗigon baƙar tawada daidai inda tambari ya kamata ya kasance. Masu shigo da gyararrun sikirin ne ke shafe tambarin domin kada kwastan su kama kayan. Wannan dabarar ta kai har kotu a ƙasar Norway. A 2017 kwastan ɗin ƙasar suka tsare sikirin iPhone 63 da aka aiko wa wani mai gyaran waya, Henrik Huseby, daga Hong Kong, an rufe tamburansu da tawada. Shi ya ce gyararru ne, Apple ta ce an keta haƙƙin tambarinta, kuma a 2020 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba Apple gaskiya. Abin da ya shafi mai saye a nan shi ne tambarin da aka ɓoye ba ya tabbatar da komai. Yana iya zama allon asali da aka sauya wa gilashi, yana iya zama kwafin da aka buga wa tambari aka shafe domin a ce maka, cikin raɗa, "ka gani, orijinal ne aka ɓoye."

Gyararren sikirin ana gane shi ta gefe shi ma. A karkata shi a haske a nemi ƙananan kumfa ko ƙura a ƙarƙashin gilashi kusa da baki, da ragowar gam. A farin shafi kuma a nemi inuwar tsofaffin alamomi, kamar ta madannai ko ta layin sama, domin OLED da ta yi shekaru tana aiki takan riƙe tabon abin da ta daɗe tana nunawa.

Masu iPhone suna da ƙarin taimako daga wayar kanta. Tun daga iOS 15.2, idan aka shiga Settings, sai General, sai About, akan ga sashen Parts and Service History a wayar da aka taɓa sauya wa kaya. Zai rubuta Genuine Apple Part ko Unknown Part, game da batir tun daga iPhone XR da XS, game da sikirin kuma tun daga iPhone 11. Sai dai wannan ma ba hukuncin ƙarshe ba ne. Sikirin asali da aka ɗaura ba tare da an haɗa shi da wayar ta hanyar Apple ba yana iya nuna Unknown Part, kuma ƙwararren mai gyara yana iya cire cif ɗin tsohon sikirin ya dasa a jikin kwafi, wayar ta yi shiru ba ta ce komai ba.

Batir: lissafi kafin tambari

Batir ya fi sikirin wahalar ganewa, tun da ba ya haske balle a ga aibinsa. Amma rubutun jikinsa yana da wani abu da na fuleks ba shi da shi: lambobi uku da dole su yarda da juna. Akwai ƙarfin wuta da ake rubutawa da V, akwai yawan cajin da yake ɗauka da mAh, akwai kuma jimillar makamashi da Wh. Dangantakarsu ita ce:

```
Wh = V × mAh ÷ 1000
```

Batirin A51 lambarsa EB-BA515ABY, ƙarfinsa 3.85 V, yana ɗaukar 4000 mAh. Idan aka ninka 3.85 da 4000 aka raba da 1000, za a sami 15.4, kuma abin da ke rubuce a jikin na asali ke nan. Kamfanoni sukan rubuta adadi biyu, na matsakaici da mafi ƙanƙanta da suka lamunta, wanda a wannan batirin 3890 mAh ne, don haka ganin lamba biyu ba alamar jabu ba ce. Yanzu a ce an miƙo wa malamin namu batir mai wannan lambar, an rubuta 5200 mAh da manyan haruffa, amma a ƙasa Wh ɗin yana nan 15.4. Mai buga takardar ya ƙara lambar da mutane ke dubawa, ya manta da wadda ba a dubawa. Da 5200 ɗin gaskiya ne, da Wh ya kai 20. Kalkuletan wayar mai shagon ma ta isa a yi wannan lissafin.

Ko da lissafin ya daidaita, batun "mai ƙarin ƙarfi" abin tuhuma ne. Ramin batir a jikin waya bai ƙara girma ba, kuma kamfanin da ya ƙera wayar ya riga ya cika shi iya abin da ya ga ba hatsari. Ƙarin kashi kaɗan yana yiwuwa idan fasaha ta ci gaba bayan shekaru, amma ƙarin kashi talatin cikin ɗari a girma ɗaya, a farashin da bai kai na asali ba, rubutu ne kawai. Tsohon misali shi ne BL-5C na Nokia, wanda har yau ake sa shi a ƙananan rediyo da 'yan sifiku. Sanannen na asali 1020 mAh ne, amma kasuwa cike take da masu iƙirarin 2000 ko fiye a jiki ɗaya. Nokia ta fara manna wa batiranta takarda mai walƙiya a 2004, wadda idan an karkata ta ake ganin ɗigo ɗaya, biyu, uku da huɗu a ɓangarorinta, masu jabu kuma suka kwaikwayi takardar ita ma.

A wayoyin Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, lambar batir tana farawa da BL, kuma galibi lambobi biyun da ke biye suna nuna girmansa: 49 na tafiya da batirin da ake tallatawa a matsayin 5000 mAh. Idan lambar ta ce 39 amma rubutun ya ce 6000, ɗaya daga cikinsu ƙarya yake.

Bayan lissafi sai a dubi sauran rubutun a natse, tsohon batir a hagu, sabo a dama. Harafin da ya ɓace a gargaɗin Turanci, kalmomi biyu da suka manne, hoton kwandon shara mai giciye da ya fito a dushe, duk suna kama jabu mara wayo. A nemi ranar ƙira. Batirin litiyam yana tsufa ko ba a amfani da shi, kuma zafi na hanzarta tsufan. Apple ma ta ce zafin da ya wuce digiri 35 yana rage wa batir rai, ga shi kuwa a Kano ko Sakkwato watan Afrilu yakan haura 40. Batirin asali da ya shekara huɗu a rumfar kwano ba zai yi aikin sabo ba komai ingancin tambarinsa. Idan kuma babu ranar ƙira gaba ɗaya, ko an manna wata 'yar takarda a kanta, a ajiye shi.

Sai a shafa jikinsa da yatsa, a hankali, ba tare da matsawa ko lanƙwasawa ba. Akwai tsofaffin batira da ake ciro wa daga matattun wayoyi a naɗe su da sabuwar takarda. Irinsu sukan nuna tudun tsohuwar takarda a ƙarƙashi, ko tabon gam, ko lotsawa inda aka ɓanɓaro su da ƙarfi. Batirin da ya ɗan kumbura, ko yake da laushi kamar da iska a ciki, ko yake wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ba a sa shi a waya ko kyauta ne, kuma ba a huda shi don a fitar da iskar, domin hakan na iya tayar da wuta. Nauyi ma shaida ne mai ƙarfi, saboda sinadarin da ke riƙe caji yana da nauyi. Ƙaramin sikelin masu zinariya ya isa. Idan sabon ya gaza tsohon da giram da yawa alhali girmansu ɗaya, an sa ƙaramin batir ne a cikin babbar riga.

Game da iPhone, ganin Maximum Capacity ya nuna 100% bai kamata ya kwantar wa kowa da hankali ba. Ana iya cire ɗan allon kula da caji daga tsohon batir a yi masa walda a jikin wani, a kuma yi amfani da na'ura a mayar da ƙidayar caji sifili. Masu gyara na kirki ma suna yin haka da sabon batir mai kyau domin kawar da gargaɗin wayar, don haka aikin kansa ba zamba ba ne. Abin tambaya shi ne wane batir aka liƙa a ƙarƙashin allon.

Amsar ƙarshe tana fitowa ne bayan an koma gida, shi ya sa malamin zai sa a rubuta masa a rasit irin kayan da aka ɗaura, sabis-fak ko folo-kam ko kwafi, da kwanakin garanti, ya kuma karɓi tsofaffin kayansa. Zai bar wayar ta ƙare caji har ta mutu da kanta, sannan ya jona ta a kashe ta cikin ƙaramar mitar USB, irin wadda ake sawa tsakanin caja da waya. Wh zai karanta, ba mAh ba, domin caja mai sauri tana tura wuta da ƙarfin da ya fi na batir, sai adadin mAh ɗin mitar ya rikita lissafi. Wani kaso na wutar yana tafiya a zafi, don haka batir mai 15.4 Wh na gaskiya zai sha tsakanin 16 da 19 kafin ya cika. Idan mitar ta tsaya a 11 ko 12, abin da ke cikin wayar kusan 2600 mAh ne, wato kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta. Wanda ba shi da mita zai lura da abu biyu a kwanakin farko: cajin yana cika da wuri fiye da yadda wayar ta saba tana sabuwa, kuma idan ya sauko wajen kashi 30 ko 20, buɗe kyamara kaɗai kan sa wayar ta mutu. Da ya ga haka, sai ya koma shagon da rasit ɗinsa tun kwanakin garanti ba su cika ba.